Ku duba min wasiƙar neman ƙarin wa'adi kafin in tura wa Dakta

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau Laraba da safe aka sallamo ni daga asibiti, maleriya ce ta kayar da ni tun daren Asabar, ranar Litinin da yamma aka kwantar da ni. Damuwata ita ce aikin firogiramin da Dakta ya ba mu, jibi Juma'a 14 ga Nuwamba da ƙarfe 11:59 na dare za a rufe karɓa, kuma maki 20 ne cikin 30 na gwaji. Nawa aikin manhaja ce ta Python da SQLite ta lissafin buhunan dankali da bashin kwastomomi, na ɗauko misalin daga shagon kawuna a Farin Gada. Na yi kusan rabi kafin ciwon. Ga abin da na rubuta, da Hausa na fara don in ji ma'anar, in kun gyara sai in mayar Turanci:

"Ranka ya daɗe Dakta, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ɗalibinka ne mai biyayya. Ina roƙonka don girman Allah ka tausaya mini ka ƙara mini lokaci a kan aikin da ka ba mu, saboda na yi rashin lafiya mai tsanani har na kusa mutuwa. Iyayena talakawa ne, in na faɗi wannan kwas ban san yadda zan yi ba. Duk lokacin da ka ga ya dace ka ƙara mini, na gode."

Ya kuka gani?

Hajiyar Rikkos: Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Ni dai wasiƙar ta taɓa min zuciya.

Shagali: Kai mutumina, wace wasiƙa kuma? Ka ɗauki kowane fayil ka canza masa suna zuwa `project.zip` ka ɗora. Kafin ya zo buɗewa an yi sati, ya ce bai buɗe ba, ka ce fotal ce ta lalata shi, ka tura na gaskiya. An gama.

Malam Bukuru: Sannu da jiki Ɗan Gangare. Bari in fara da Shagali don kada wani ya ɗauka. Ina koyarwa a wata makarantar, ba taku ba, kuma wannan dabarar duk zango sai na gan ta. Fayil ɗin `zip` na gaskiya da ya lalace a hanya yana da kamanninsa, hoton da aka canza wa suna ma yana da nasa, umarnin `file` kaɗai zai faɗa min cewa wannan hoto ne. Abin da nake yi kuwa mai sauƙi ne, in ce a kawo min kwamfutar zuwa ofis cikin awa ɗaya a buɗe aikin a gabana. Yaron nan yana da uzuri na gaskiya da takardar asibiti, kana so ka mayar da shi mai laifin maguɗi.

Yanzu ga wasiƙar. Ka sa kanka a kujerar Dakta: ɗalibai sun haura ɗari a kwas ɗin, wataƙila kwas uku yake ɗauka. Ya karanta saƙonka, bai san ko kai waye ba, bai san wane kwas ba, bai san yaushe ka kwanta ba, bai ga shaida ba, bai san inda aikin ya tsaya ba, kuma ka bar masa aikin lissafa maka kwana nawa kake bukata. Don ya amsa maka sai ya yi maka tambaya biyar. Mutumin da ke da aiki a gabansa ba zai yi ba, zai ce sai anjima, anjimar kuma ba ta zuwa. Ba mugunta ba ce. Wasiƙar da ake amsawa ita ce wadda malami zai iya rubuta "na amince" a ƙasanta ya wuce.

Hajiyar Rikkos: Amma Malam ai ladabi ne. Mu ba Turawa ba ne da za a faɗo wa babba kai tsaye da bukata.

Malam Bukuru: Hajiya ban ce a cire gaisuwa ba. Layi ɗaya na gaisuwa, layi ɗaya na godiya, sun isa. Abin da na ce a cire shi ne "na kusa mutuwa" da "iyayena talakawa ne". Na farko takardar likita ce za ta faɗe shi in gaskiya ne. Na biyu kuma bai shafi wa'adi ba, kuma kusan duk wanda bai yi aikinsa ba haka yake rubutawa, sai mai gaskiya ya shiga sahunsu ba tare da ya sani ba.

Baban Walid: Ƙanena in ciwon ya yi tsanani gara ka jingine zangon gaba ɗaya. Ni haka na yi lokacin da na yi hatsari a hanyar Bauchi. Za ka rubuta wa magatakarda ta hannun shugaban tsangaya, ta hannun shugaban sashe, ka haɗa da rahoton likita, sai majalisar makaranta ta zauna a kai. Nawa sai da ya ɗauki watanni, amma ya fito.

Ɗan Gangare: A'a Yaya, ba jingine karatu ba ne, kuma ba furojet na ƙarshe ba ne. Aikin kwas ɗaya ne na aji biyu. Kwanaki kaɗan nake nema.

Baban Walid: Au, to na fahimta. Amma dai ka ajiye kwafin duk takardar da ka bayar, ni da ban ajiye ba da na shiga uku, sau biyu ana cewa ba a ga fayil ɗina ba.

Anti Nas: Sannu ƙanena. Wace takarda aka ba ka da za ka fito? Kuma asibitin makaranta ne ko na waje?

Ɗan Gangare: Na waje ne Anti, wani mai zaman kansa kusa da gida. Rasit na kuɗi ne a hannuna, da sakamakon gwajin jini, da katin da aka rubuta magani.

Anti Nas: To babu ɗaya cikinsu da ke zaman shaida. Rasit yana nuna an biya kuɗi ne kawai. Gobe da safe ka koma ka ce kana son rahoton likita na kaiwa makaranta. Ya kasance a kan takardar asibitin mai ɗauke da sunansu, da cikakken sunanka yadda yake a rajistar makaranta, da ranar da aka kwantar da kai da ranar da aka sallame ka, da kwanakin hutun da likita ya ga ya dace, sai sa hannunsa da hatimi. Wannan na kwanakin hutun shi mutane ke mantawa, kuma shi ne ya fi yi maka amfani, don shi zai nuna cewa sallama ba warkewa ba ce. Wasu wuraren suna karɓar kuɗi kafin su rubuta, ka tafi da ɗan abu a aljihu.

Daga nan ka kai shi asibitin makaranta su duba su buga nasu hatimin. Makarantu da yawa ba sa karɓar takardar waje sai ta bi ta nan, saboda takardun bogi sun yi yawa.

Allura aka yi maka ta jijiya?

Ɗan Gangare: Eh, sau uku, da ƙarin ruwa. Yanzu ƙwayoyi aka ba ni safe da yamma.

Anti Nas: Atesunet kenan, ana yin ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, sannan a ɗora mutum a kan ƙwayoyi na kwana 3, sha 6. Ka fara yau, sai daren Juma'a za ka gama. Wato ranar da ake rufe karɓar aikin kana kan magani. Ka sha shi da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, kuma kada ka bari a rabi don ka ji sauƙi. Kasala da jiri za su iya bin ka na wasu kwanaki bayan nan. Duk lissafin da za ka yi kada ka sa kwana a gaban kwamfuta a ciki, ga sanyin Jos ya fara shigowa.

Sakamakon gwajin jinin kuma ka bar shi a gida, Dakta ba likitanka ba ne.

Ɗan Gangare: To in jira sai na samu hatimin asibitin makaranta sannan in tura wasiƙar? Ban tabbata zan gama duka gobe ba.

Malam Bukuru: Kada ka jira. Ka tura yau da dare ko gobe da sassafe, ka faɗa a ciki cewa rahoton yana zuwa ranar kaza. Bambancin roƙo kafin wa'adi da bayan wa'adi babba ne. Kafin Juma'a kana neman izini ne, abu ne da malami zai yanke shi kaɗai. Bayan Juma'a kana neman a janye hukunci ne, kuma a lokacin akwai wasu goma da suka makara suna kallon abin da za a yi maka.

Injiniya Nanret: Ɗan Gangare kana amfani da Git? In kana yi, ai kana da shaidar da ta fi ta likita ma, don yana ajiye tarihin aikin da ranakun da ka taɓa shi. Shiga jakar aikin ka buga wannan ka manna mana abin da ya fito:

```
git log --reverse --date=format:"%d/%m %H:%M" --pretty=format:"%ad  %s"
```

Ɗan Gangare: Ina yi, Dakta ne ma ya wajabta mana. Ga shi:

```
28/10 21:14  fara aiki, teburin kaya
31/10 22:40  shigar da buhu
04/11 20:05  sayarwa da rage kaya
07/11 23:31  fara teburin bashi
```

Injiniya Nanret: Shi kenan. Ka fara tun 28 ga Oktoba, kana taɓawa duk bayan kwana uku ko huɗu, sai shiru daga daren 7 ga wata, washegari ciwo ya kama ka. Wannan ba ya ƙarya, babu malamin da zai musa.

Yaya Auwal: Nanret rabin maganarki daidai ne. Ya sa shi a wasiƙar, ƙwarai. Amma cewa ba ya ƙarya, yana yi. Kwanan watan da ke kan `commit` daga kwamfutar mai aikin yake fitowa. `git commit --date` yana canza wanda kika nuna da `%ad`, ɗayan kuma na `%cd` ana canza shi da `GIT_COMMITTER_DATE`, ko mutum ya mayar da agogon kwamfutarsa baya kawai. Malamin da ya wajabta Git ya san wannan. Abin da ba ya hannun ɗalibi shi ne lokacin da `push` ya isa GitHub, don can ne ake rubuta shi, ana ganinsa a shafin `Activity` na ma'ajiyar. Ƙanena kana yin `push` ko a kwamfutarka kawai suke?

Ɗan Gangare: Ina yi duk lokacin da na samu data. Na ƙarshe daren 7 ne.

Yaya Auwal: Madalla. To ka ba shi adireshin ma'ajiyar, in a rufe take ka gayyace shi ciki. Ba sai ka yi masa bayanin duk wannan ba, ya san inda zai duba in yana so.

Injiniya Nanret: Na yarda da batun agogon. Amma ni har yanzu ina ganin malamin firogiramin zai fi gamsuwa da layukan nan huɗu fiye da hatimi. Hatimi ai a Taminus ma ana sassaƙa shi.

Malam Bukuru: Ba aiki ɗaya suke yi ba. Git yana gamsar da ni cewa yaron ba ragon da ya jira daren ƙarshe ba ne. Takardar kuma ita nake nuna wa shugaban sashe in wani ɗalibi ya kai ƙara cewa na fifita wani. Ɗaya tawa ce, ɗaya ta fayil.

Ɗan Gangare, yanzu abin da ya fi komai: wace rana kake nema? Kada ka faɗa min da ka. Lissafo min abin da ya rage da awannin da kowanne zai ci.

Ɗan Gangare: Abu huɗu ne. Sashen bashi, fitar da rahoton ciniki zuwa CSV, gwaje-gwajen `unittest`, da rubutaccen bayani shafi 5. Rahoton awa 4, gwaje-gwaje awa 3, rubutu awa 5. Bashin ne ban sani ba, don akwai matsalar da ta tsayar da ni tun kafin ciwon. In na rubuta bashi yana fitowa a jeri lafiya, in na rufe manhajar na sake buɗewa wani lokaci yana nan, wani lokaci ya ɓace. Na sa masa awa 6 amma zai iya fi.

Yaya Auwal: Manna aikin da ke rubuta bashin mu gani.

Ɗan Gangare:

```python
def rubuta_bashi(conn, suna, kudi):
    conn.execute(
        "INSERT INTO bashi (suna, kudi) VALUES (?, ?)",
        (suna, kudi))
```

Yaya Auwal: Ka duba aikin sayarwa, na tabbata akwai `conn.commit()` a ƙarshensa. A nan babu. A `sqlite3` na Python, in ka yi `INSERT` yana buɗe ma'amala ne ya riƙe ta, ba ta tabbata a fayil sai an yi `commit`. Kai kana ganin bashin a jeri saboda da haɗi ɗaya kake rubutawa kake karantawa. In ka rufe a haka sai a watsar da shi. Ranar da ka ga ya zauna kuwa, ka yi sayarwa ne bayan ka rubuta bashin, `commit` ɗin sayarwar ya kwashe har da shi. Gwada: rubuta bashi ka rufe nan take, zai ɓace. Rubuta bashi, sayar da buhu ɗaya, rufe, zai zauna.

Ɗan Gangare: Wallahi haka ne, yanzu na gwada duka biyun. Kwana biyu na yi a kan abin nan. Allah ya saka da alheri Yaya. To bashin ya koma kamar awa 3, saura biyan bashi da jimilla.

Anti Nas: An ce ka huta, kai kuma ka buɗe kwamfuta.

Malam Bukuru: Auwal a tsaya nan, kada a rubuta masa sauran, aikin nasa ne. To 3 da 4 da 3 da 5, awa 15 kenan. Gobe Alhamis da Juma'a kada ka ƙirga su, yawon takarda ne da magani. Daga Asabar in ka iya awa 4 a rana, Asabar, Lahadi, Litinin, Talata sun ba ka 16. Akwai wani abu da ke biyo bayan miƙa aikin?

Shugaban Aji: Akwai Malam. Ranar Alhamis 20 kowa zai nuna manhajarsa a ɗakin kwamfuta, Dakta ya sanar tun farko.

Malam Bukuru: To ka ga bango kenan. Duk ranar da ta wuce 20 ba ƙarin wa'adi ba ce kuma, roƙo ne a shirya maka zama na daban, wannan kuwa da wuya. Ka nemi Talata 18 da ƙarfe 11:59 na dare, ka bar masa Laraba ya duba, ka kuma faɗa masa za ka tsaya tare da kowa ranar Alhamis. Kwana 4 kake nema, alhali ciwon ya cinye maka fiye da haka. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Shagali: Malam da girmanka, nan kam ban yarda ba. Ka nemi sati biyu a ba ka ɗaya. Ka nemi kwana 4 a ba ka 2. Ko a Farin Gada wa ke faɗin farashinsa na ƙarshe da farko? Kuma wa ya ce za a samu wuta awa 4 kullum?

Injiniya Nanret: A batun wuta Shagali yana da gaskiya. Kuma duk mai rubuta manhaja ya san in ka ce awa 15 to 20 ce. Ni da Laraba 19 da rana zan ce.

Malam Bukuru: Laraba da rana ba laifi, in Dakta ba ya duba aiki kafin ranar nunawa. Sati biyu kuwa ni in na gani na san ba a yi lissafi ba, sai in fara shakkar sauran maganar.

Shugaban Aji: Yana dubawa Malam. Bara an ce da jerin tambayoyi yake shigowa, kowa da nasa. Sannan Ɗan Gangare, Dakta ba ya son a bi shi ta WhatsApp, ya faɗa a aji. Imel za ka tura, da adireshinka na makaranta ba wancan mai laƙabi ba. Ni gobe ina da shiga ofishinsa da takardar halarta, zan ce masa akwai saƙonka. Iyakar abin da zan yi kenan, ba zan roƙa maka ba, don ya taɓa cewa kowa ya yi maganarsa da bakinsa.

Hajiyar Rikkos: Ni da ya je da kansa ya durƙusa ya gaishe shi. Ido da ido ya fi takarda.

Baban Walid: Ya je, amma bayan ya tura. Maganar baki in an manta ba ka da abin nunawa.

Yaya Auwal: Abu ɗaya ya rage. Kada Juma'a ta wuce ba ka miƙa komai ba, ko an amsa ko ba a amsa ba. Shiru ba amincewa ba ne. Ka yi `commit` na gyaran nan, ka sa alama:

```
git tag kafin-waadi
git push origin HEAD --tags
```

sannan ka miƙa abin da ke akwai. Rabin aiki mai tashi yana da maki, babu aiki sifili ne. Sai dai ka lura da fotal ɗin. In Moodle ce, wani lokaci malami yana saita ta yadda in ka danna `Submit assignment` ta kulle, ba ka iya canzawa sai shi ya buɗe. Kuma akwai `Due date` akwai `Cut-off date`, na farko ana karɓa bayansa da alamar makara, na biyu ƙofa a rufe take.

Shugaban Aji: Moodle ce, kuma tana kullewa.

Yaya Auwal: To ya haɗa `zip` ɗin a imel yanzu. In har yammacin Juma'a babu amsa, ya ɗora a fotal ya danna, ko ta kulle. In an amince, Dakta yana da `Grant extension` da zai ba shi sabuwar rana shi kaɗai ba tare da ya taɓa ta sauran aji ba.

Ɗan Gangare: Na sake rubutawa. Kan saƙon zai zama lambar kwas, sai "neman ƙarin wa'adi saboda rashin lafiya", sai lambar rajistata.

"Ranka ya daɗe Dakta, barka da aiki. Sunana wane, lambar rajista kaza, aji biyu, ina ɗaukar kwas ɗinka na firogiramin. Ina neman ka ƙara mini wa'adin miƙa aikin zango daga Juma'a 14 zuwa Talata 18 ga Nuwamba, ƙarfe 11:59 na dare.

Rashin lafiya ta kama ni ranar Asabar 8, an kwantar da ni a asibiti daga Litinin 10 zuwa Laraba 12, kuma ina kan magani har zuwa Juma'a. Gobe zan karɓi rahoton likita in kai asibitin makaranta, zan kawo maka shi ofis ranar Juma'a in Allah ya yarda.

Kafin ciwon na gama shigar da kaya da sayarwa, suna aiki. Abin da ya rage shi ne ƙarasa sashen bashi, rahoton CSV, gwaje-gwaje da rubutaccen bayani, na ƙiyasta awa 15. Na haɗa aikin yadda yake a yanzu, ga kuma adireshin ma'ajiyata ta GitHub. Zan halarci nunawar ranar Alhamis 20 tare da sauran aji.

In Talata ba za ta yiwu ba, ina roƙon ka faɗa mini ranar da za ta yiwu. Na gode da lokacinka."

Malam Bukuru: Wannan ita ce. Ka sa bukatar a sakin layi na farko, ko a waya ya buɗe zai gan ta. A Turancin ka rubuta muƙaminsa daidai, in Dakta ne Dakta, in Farfesa ne kada ka rage masa, wasunmu suna jin wannan fiye da yadda ya kamata.

Shagali: Layin ƙarshen nan ka buɗe masa ƙofar ragi da hannunka.

Injiniya Nanret: Ko kuma ya hana shi cewa a'a kai tsaye. Ni zan bar shi.

Hajiyar Rikkos: Ko "Allah ya ƙara girma" ba za a sa ba? Ta bushe da yawa.

Malam Bukuru: Ya faɗa masa da baki ranar Juma'a, Hajiya.

Ɗan Gangare: Jama'a barkanmu da Juma'a. Na tura daren Laraba, jiya shiru, yau da safe na kai rahoton da hatimi biyu. Likita ya rubuta hutun kwana 5 daga ranar sallama. Dakta ya duba ya ajiye, bai ce komai ba sai "Allah ya ƙara lafiya". Yanzu amsa ta shigo, layi biyu: ya ba ni zuwa Litinin 17 ƙarfe 12 na rana, ya buɗe min fotal, kuma ba zai rage maki ba. Ya ce Talata da Laraba yana da zaman sashe, Litinin da yamma kawai zai iya dubawa.

Shagali: Ban faɗa ba? Da ka ce sati biyu da yanzu Laraba ce a hannunka.

Malam Bukuru: Da ya ce wata guda ma Litinin ɗin zai samu, mutumin ya faɗi dalilinsa. Ɗan Gangare, sabon lissafi. Yau in ka ji ƙarfi awa 1 ko 2, Asabar 4, Lahadi 4, safiyar Litinin 2. Awa 12 in komai ya tafi daidai, kana bukatar 15. Wani abu zai ragu. Yaya aka raba makin?

Ɗan Gangare: Manhaja 12, gwaje-gwaje 3, rubutu 5.

Injiniya Nanret: Ka bar gwaje-gwajen. Maki 3 ne, awa 3. Ranar nunawa abin da ido ke gani ake tambaya, in ya ce fitar da rahoto ka ce babu, kunya ce a gaban aji.

Yaya Auwal: Ni akasin haka. Rahoton nan ba ya cin awa 4 in bai yi masa ado ba, `SELECT` ɗaya ne da `csv.writer`, ya bar tacewa da kwanan wata, awa ɗaya da rabi ya isa. Gwaji kuma ko uku ya rubuta, ɗaya ya zama na bashin nan: rubuta, rufe haɗi, sake buɗewa, duba ko yana nan. Sai dai ya yi shi da fayil na wucin gadi, ba `:memory:` ba, don wannan in an rufe komai ke tafiya. Labarin matsalar ma ya ba shi rabin shafi a rubutun.

Anti Nas: Ku dai ku bar yaron ya sha na yamma ya kwanta. Kwana 5 likita ya rubuta, ku kuna raba masa awanni.

Ɗan Gangare: Na sha Anti. Yaya Auwal, fayil na wucin gadin da `tempfile` ake yi ko in ƙirƙiri `gwaji.db` in goge shi a `tearDown`?

Yaya Auwal: Kowanne ya yi. In a Windows kake, ka tabbata ka rufe haɗin kafin ka goge, in ba haka ba zai ce wani na riƙe da fayil ɗin.